Karena ya zube yana haki, me zan fara yi masa?

Baban Yara: Salamu alaikum jama'a. Don Allah duk wanda ya san harkar karnuka ya taimaka min yanzu-yanzu. Ina Kano. Karen gadina ne, Duna, ruwa-biyu ne da Alseshan, shekararsa huɗu, zai kai kilo 35. Yarona ya fita da shi bayan la'asar, shi yana kan keke kare na binsa a guje, ba su fi minti ashirin ba. Da suka dawo sai ya zube a bakin famfo. Haki yake kamar ƙirjinsa zai fashe, harshe ya zazzago ya yi jawur, yawu mai kauri na dalala kamar kuɓewa. Na kira sunansa ya ɗago ya dube ni, ya yunƙura zai tashi sai ƙafafun baya suka ƙi. Asibitin dabbobin da nake zuwa sai na yi kusan minti arba'in a hanya. In ɗauke shi mu tafi ne ko akwai abin da zan fara yi?

Alhajin Kwana Huɗu: Wa alaikumus salam. Guba aka ba shi, ba ko tantama. Haka aka yi wa nawa bara. Maza ka ɗura masa manja da madara kafin ta bi jikinsa.

Ɗan Autan Hajiya: Yawu na dalala fa ka ce? Baba ka ja da baya, ka janye yara, kada ya zama haukan kare ne.

Dakta: Wa alaikumus salam. Baban Yara, kada ka ɗura masa komai, ko manja ko madara ko magani. Kada kuma ka sa shi a mota tukuna. Abin da ka faɗa ya yi kama da bugun zafi, kuma a nan gida za a fara ceto shi. Ka ja shi inuwa, ka cire masa sarƙa da abin wuya. Ka taɓa ruwan famfon da hannunka kafin ka zuba masa, in daga tankin sama yake zuwa to a wannan lokacin ruwan zafi ne. Ka nemo mafi sanyin ruwan da ke gidan, na randa ko na rijiya, ka riƙa kwarara masa a wuya da ƙirji da ciki da hammata da matsematsi, kana cusa ruwan cikin gashin da hannunka har ya taɓa fata. Wani ya tsaya yana yi masa fifita, in da wuta a kunna masa fanka. Kada ruwan ya shiga hanci da baki. Fara yanzu, ka bar wa wani wayar ya riƙa ba ni labari.

Baban Yara: Maman yara ce ke rubutu, ya ba ni wayar. Gaskiya ne Dakta, ruwan famfon har ƙona hannu yake. Mun kwaso na randa biyu, akwai kuma jarkokin mai ruwa da aka sauke da safe a zaure. Babu wuta, yara biyu na yi masa fifita da murfin kwali.

Dakta: Madalla Hajiya. Kada a tsaya da zubawa, moɗa bayan moɗa. Akwai ma'aunin zafi a gidan, irin na yara mai nuna lamba? In akwai ki ba maigida ya shafa wa bakinsa basilin, ya ɗaga wutsiyar ya sa a dubura kamar tsawon gaɓar yatsa guda, ya riƙe har ya yi ƙara. Wani ya dafe kan karen a hankali, kare mai jin jiki yana iya kai cizo ko ga mai shi. Sannan a ɗaga leɓensa na sama a gaya min launin dasashi. In ana ƙyanƙyamin yawun a sa leda a hannu.

Mai Karnuka Jos: Hajiya ku jiƙa babban tawul ku lulluɓe shi da shi. Kuma don Allah kada ku yi amfani da ruwa mai sanyi sosai, sirki za ku yi. Shekarata goma sha biyu ina kiwon karnuka, ruwan sanyi tsuke jijiyoyin fata yake ya kulle zafin a ciki.

Dakta: Hajiya, ban da tawul, ban da sirki. Oga Jos, za mu yi wannan maganar in an jima, yanzu a bar su da murya ɗaya.

Baban Yara: Ma'auni ya nuna 41.6. Dasashin ja ne sosai kamar jan bulo, kuma a bushe yake, yana manne wa yatsa. Ya yi amai sau ɗaya, kumfa ce rawaya. Yaro ya je shagon maƙwabci ya samo buhun fiya wata mai sanyi, mu fasa mu zuba?

Dakta: Ku fasa ku zuba. Zafin jikin kare mai lafiya tsakanin 38 ne da 39 da ɗan ɗoriya, duk abin da ya haura 41 kayan ciki sun fara jin jiki, kuma ku tuna wannan awon bayan kun riga kun fara zuba ruwa ne. Ku riƙa awo duk bayan minti biyar. In ya sauko 39.5 a daina zuba ruwa, domin jikin zai ci gaba da hucewa da kansa, in aka zarce sai ya faɗa wani sanyin da shi ma matsala ne. Ku ajiye masa ruwa kaɗan a kwano kusa da bakinsa, in ya lasa da kansa to, in bai sha ba a ƙyale shi. Ku kira asibitin tun yanzu ku ce kuna tafe da kare mai bugun zafi, su tanadi ƙarin ruwa.

Baban Yara: 40.9.

Baban Yara: Yanzu 40.2. Hakin ya ɗan lafa, ya mayar da harshen ciki sau biyu ya haɗiyi yawu. Ya lashi ruwa kaɗan.

Baban Yara: Ni ne na karɓi wayar. 39.6, ya tashi zaune da kansa har yana kaɗa wutsiya. Alhamdu lillahi. Dakta Allah ya saka da alheri. Tunda ya miƙe, ina ganin sai in bar shi ya huta, gobe da safe in kai shi, ga magariba ta kawo kai.

Dakta: Ka daina zuba ruwan, amma tafiya asibiti yau ce, ba gobe ba. Ka yi sallah ka kama hanya. Ka sa shi a mota a jiƙensa, kada ka goge shi, gilasai a buɗe ko ka kunna na'urar sanyi tun kafin ka saka shi, kuma ba a but ba. Miƙewar da ya yi ba ta nuna ya tsira. Karen da ya kai wannan zafin har ya yi amai ya kasa tsayuwa, ɓarnar da aka yi wa ƙoda da hanji da jini sai bayan kwana ɗaya zuwa uku take fitowa fili. Na sha ganin wanda ya tashi ya ci abinci da daddare, washegari ya fara zawon jini.

Alhajin Kwana Huɗu: Ni dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Ta yaya kuka san ba guba ba ce? Nawa ma haka ya yi ta zubar da yawu yana karkarwa, kafin awa guda ya mutu. Mutane ba su da imani, ɓarayi sukan jefo nama ta katanga.

Dakta: Alhaji, tambayarka a kan hanya take, don daga nesa ba a rantsuwa. Abin da ya sa na karkata ga zafi shi ne labarin da kansa: gudu a bayan keke cikin watan Afrilu, zubewa nan take, ga ma'auni ya nuna 41.6, sannan ya farfaɗo da ruwa kawai. Gubar da ta fi kashe karnuka a wajenmu irin maganin ƙwari ce, su fiya-fiya da maganin kaska da aka zuba fiye da ƙima. Ita yawunta tsinkakke ne kamar an buɗe famfo, ga hawaye, ga fitsari da zawo, naman jiki na ɓari, baƙin ido ya tsuke ya koma kamar kan allura. Yawun bugun zafi kuwa kauri gare shi, yana yauƙi, bakin a bushe. Amma ko da guba ce, manja ba ya karya ta. Karen da ke haki haka ba ya iya haɗiya daidai, abin da ka ɗura masa huhu zai tafi, ka ƙara masa ciwon da ba shi da shi.

Ɗan Auta kuma, tsoronka ba wauta ba ne, haukan kare yana nan a ƙasar nan kuma ba ya warkewa. Sai dai shi ba ya faɗo wa kare cikin minti ashirin. Za ka ga halinsa ya sauya kwana ɗaya ko biyu kafin nan, ya daina gane mutanen gida, ko ya yi ta cizon abin da ya samu, muryarsa ta canza, muƙamuƙi ya saki. Karen da ba ka sani ba ka gan shi a titi yana dalalar da yawu, kada ka taɓa shi. Naka na gida da aka yi wa rigakafi, wanda ka san inda ya wuni, hukuncinsa daban.

Mai Karnuka Jos: To Dakta, tunda an samu sarari mu dawo kan maganarmu. Ban ji daɗin yadda ka ture ta ba. Ba daga kaina na ƙirƙiro ba, likitan dabbobi ne ya koya min, kuma na karanta a wurare da dama cewa a yi amfani da ruwa mai ɗan ɗumi a sauke zafin sannu a hankali, kada jikin ya firgita. Na yi wa Rotwaila biyu haka da tawul kuma duk sun rayu.

Dakta: Ka yi haƙuri Oga, ba raini ba ne, lokacin ne ba na muhawara ba. Kuma wanda ya koya maka bai yi ƙarya ba, mu ma haka aka koya mana a makaranta. Bayanin tsukewar jijiyoyi gaskiya ne, fata takan yi haka in ta ji sanyi. Amma ruwa mai sanyi yana kwashe zafi da saurin da wannan tsukewar ba ta isa ta hana ba, shi ya sa shawarar ta sauya. Kwalejin likitancin dabbobi ta Landan yanzu abin da take faɗa shi ne a fara sanyaya kare kafin a ɗauke shi zuwa asibiti, kuma a yi da sauri. Kare matashi mai ƙarfi da ke cikin hayyacinsa har tsoma shi ake yi cikin ruwan sanyi, kai a waje. Tsoho, ko mai wata cuta, ko wanda ya suma, shi ba a tsoma shi, zuba masa ake yi ana haɗawa da iska. Abin da ke kashe kare shi ne daɗewar da kayan cikinsa suka yi a cikin zafin, don haka sannu a hankali ba gata ba ne. Akwai wani bincike da aka fitar a Isra'ila a 2006 kan karnuka 54 da aka kai asibiti da bugun zafi, rabinsu sun mutu, kuma jinkirin da ya wuce awa ɗaya da rabi yana cikin abin da ya ƙara haɗarin mutuwar.

Tawul kuwa, ka gwada da kanka. Ka jiƙa shi ka ɗora wa kare mai zafi, bayan minti biyu ka sa hannu a ƙarƙashi. Za ka ji ya zama bargo, ya tare iskar da za ta busar da ruwan, alhali bushewar ce ke tafiya da zafin. In dole sai an yi amfani da shi, a shimfiɗa a ƙasa kare ya kwanta a kai.

Mai Karnuka Jos: Na tawul na karɓa, don na tuna nakan ji shi da ɗumi in na cire. Amma tsoma kare a ruwan ƙanƙara, gaskiya hannuna ba zai iya ba. Ina da Bobul mai kilo sittin, in zuciyarsa ta buga a cikin baho wa zan kama?

Dakta: Ba sai ka tsoma shi ba, Bobul mai kilo sittin ma wane baho ne zai ɗauke shi. Ka zuba masa mafi sanyin abin da ka samu ka haɗa da fanka. Abin da ba na so shi ne mutum ya tsaya ɗora tukunya don ya yi sirki, ko ya ƙi zuba na firji yana jiran na daidai. Ku a Jos ruwan famfonku ma ya isa. Na Kano da Sakkwato da Maiduguri, inda rana ke haura digiri 40 a Afrilu, ruwan baƙin tankinsa da azahar yakan fi jikin karen zafi.

Sarkin Baka: Ni duk wannan ciwon karnukan Turawa ne. Kun ɗauko dabba mai bargo daga ƙasar ƙanƙara kun kawo ta Kano kun ɗaure. Namu na farauta tun kakanni cikin bazara muke shiga daji da su, sai ciyawa ta bushe ma farauta ke daɗi, ba mu san wani ma'auni ba.

Na Damagaram: Sarki, a gafarce ni, amma namu ma suna mutuwa. Ina yaro na bi yayyena farauta, wata karyarmu ja, siririya, wadda duk garin aka san ta da gudu, ta bi zomo da rana tsaka. Da ta dawo sai ta yi ta neman gindin kalgo tana tona ƙasa tana cusa cikinta a ramin. Muka yi ta kiranta ta ƙi fitowa, yayana ya ja ta da igiya wai lalaci ne. Ba mu yi nisa ba ta fara tangaɗi kamar mai maye, ta faɗi tana shure-shure. Ruwan gorarmu muka ɗura mata a baki, ta shaƙe. A nan muka bar ta. Manya suka ce iska ta gamu da ita. Sai yau da nake karanta wannan zancen na gane abin da ya kashe ta.

Sarkin Baka: Allah sarki. Wannan kam na taɓa ganin irinsa, ba zan musa ba. Amma maharbin da ya san aikinsa ba ya sakin kare in rana ta take. Da sanyin safiya ake bi, hantsi na dubawa a nemi inuwa da bakin tafki. Kuma karen da ya tona rami ya kwanta, ba a tashinsa, wannan ko yaro a gidanmu ya sani.

Dakta: Sarki, abin da ka faɗa na ƙarshe shi ne ainihin ilimin, kuma shi ne abin da mutanen birni suka rasa. Gaskiyarka ce karen gida ya fi juriya: jikinsa ba kitse, gashinsa gajere, hancinsa dogo, kuma a cikin zafin ya tashi. Amma juriya tana da iyaka. Kare ba ya gumi irin namu, ɗan abin da yake yi a tafin ƙafa ne, bai taka kara ya karya ba. Haki ne fankarsa, iska na bi ta kan jiƙaƙƙen harshe da hanci tana ɗauke zafi. Shi ya sa haki shi kaɗai ba ciwo ba ne, kowane kare na yi a bazara.

Wanda ya kamata ya tayar wa mutum da hankali shi ne hakin da bai lafa ba bayan kare ya samu inuwa ya kwanta minti biyar zuwa goma. Ka duba harshen: na mai hutawa a sake yake, na wanda zafi ya fara ci yakan fito da tsawo, bakinsa ya yi faɗi kamar cokali, ya yi ja sosai. Leɓɓa sun ja baya har kana ganin turame, kamar yana dariya. Ka miƙa masa abin da yake so, ko ka kira shi, ba zai iya rufe baki ya saurare ka ba. Yana ja da baya a tafiya, yana neman inuwa, yana kwanciya ya tashi ya sake wuri. Duk wannan matakin farko ne, kuma a nan inuwa da ruwa a jiki da hutu sukan wadatar. Karyar Na Damagaram a wannan matakin take lokacin da ta tona rami. Da zarar an kai ga tangaɗi, amai, zawo, dasashi ya koma fari ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko jijjiga, an shiga wani babi, sai ruwa da asibiti tare.

Maman Biyu: Dakta ni tawa tambayar daban ce. 'Yar ƙaramar karyata mai gashi, irin Lasa ɗin nan, kwana uku ke nan jikinta zafi, ba ta cin abinci, tana kwance kawai a ƙarƙashin kujera. Ba ta fita ko'ina, a falo take. Na ba ta rabin farasitamol jiya. Shi ma bugun zafin ne in yi mata wanka da ruwan sanyi?

Dakta: Hajiya, kada ki ƙara ba ta farasitamol, haka ibufurofen da daikulofenak. Rabin ƙwayar babban mutum ya yi wa ƙaramar karya yawa, yana iya taɓa hanta da jini, sauran biyun kuma suna huda ciki su lalata ƙoda. Abin da kika kwatanta ba bugun zafi ba ne, shi ba ya kwana uku. Ya fi kama da zazzaɓi, kuma a wajenmu abin da ake fara zargi shi ne ciwon da kaska ke sawa. Ki duba cikin kunnenta da tsakanin yatsu, ki ɗaga leɓe ki ga ko dasashin ya yi fari ko rawaya. Ki kai ta a ɗebi jini gobe da safe, ki kuma gaya musu ainihin abin da kika ba ta da lokacin. Wanka ba zai yi mata komai ba, don a zazzaɓi jiki ne da kansa ya ɗaga zafinsa. A bugun zafi kuwa zafin ne ya fi ƙarfin jiki, shi ya sa maganin zazzaɓi ba ya sauke shi, sai dai ya ƙara wa ƙoda nauyi.

Amma ki kula da ita a wannan watan, masu gajeren hanci irinta hakinsu ba ya aiki sosai. Falon da aka rufe aka ɗauke wuta yana iya kayar da ita ba tare da ta yi gudu ba.

Baban Yara: Salamu alaikum, barkanmu da safiya. Jiya mun isa wajen ƙarfe takwas saura. Da suka auna 38.9 suka samu, har wani yaro a wurin ya ce ai lafiyarsa ƙalau, sai da na nuna wa likitan lambobin da muka rubuta. Nan take ya sa masa ƙarin ruwa, ya ɗebi jini, ya ce a bar shi ya kwana. Da asuba suka kira ni, ya yi zawo da ɗan jini-jini sau ɗaya, fitsarinsa kuma ya yi duhu kamar shayi ba madara. Likita ya ce awon ƙodar ya ɗan hau, za su riƙe shi su sake awo gobe. Da na bi son raina na bar shi a gida, ban san me zan tarar ba.

Kuma na gano laifin ba na yaron kaɗai ba ne. A gindin mangwaro nake ɗaure shi da safe in fita. Jiya na tambayi maman yara, ashe daga ƙarfe biyu inuwar takan koma bayan katanga, sarƙar ba ta kai can, sai ya wuni a kan siminti. Kwanon ruwansa kuma na tarar a kife, sarƙar ce ta ture shi. Wato ya riga ya gasu tun kafin a fita da shi.

Dakta: Sannu da ƙoƙari. Rubuta lambobin nan da kuka yi ya taimaka ƙwarai, don kare yakan iso asibiti da zafi daidai a ɗauka ba komai. Fitsari mai duhu yakan biyo bayan lalacewar naman jiki, ƙarin ruwan ne ke taimaka wa ƙoda ta wanke shi. In sun sallame shi ka riƙa duba cikinsa inda ba gashi da dasashi ko za ka ga ɗige-ɗigen ja kamar cizon sauro, ka lura ko yana fitsari da yawansa, da launin kashinsa. Baƙin kashi kamar kwalta, ko amai, ko ƙin abinci, ka mayar da shi a ranar. Gudu kuwa a ɗage masa makonni, sai likitan da ke ganinsa ya ba da izini.

Labarinka ya dace da abin da aka gani a Birtaniya a wani bincike na 2020: kusan kashi uku cikin huɗu na karnukan da zafi ya kayar, motsa jiki ne sanadi, ba rufewa a mota ba. Can ke nan da ba su san zafinmu ba. Kuma makonnin da ke tafe sun fi wannan haɗari, lokacin da hadari ke haɗuwa ya watse, iska ta yi nauyi ana ta gumi. In iska ta cika da laima yawun harshe ba ya bushewa, kare sai ya yi ta haki a banza.

Ɗan Autan Hajiya: To mu da namu ke cikin kejin ƙarfe mai rufin kwano fa? Sai dare ake sakinsa.

Mai Karnuka Jos: Ɗan Auta, ka shiga kejin da kanka da ƙarfe biyu ka zauna minti biyar, za ka ba kanka amsa. Ka ɗora zana ko buhunan algarara a saman kwanon da ɗan tazara, ka buɗe ɓangare biyu iska ta ratsa, ƙasan kuma in da hali a bar yashi a riƙa yayyafa masa ruwa. Kwanon ruwa a sa shi cikin tsohuwar taya ba zai kife ba. In kana sa masa takunkumi, ban da mai matse baki, wanda ba zai iya buɗe baki ya yi haki ba kamar ka toshe masa hanci ne. Ni masu gashi da yawa ma aske su nake yi tas in bazara ta shigo.

Sarkin Baka: Aski kuma? Kare da wanzami?

Dakta: Zana da taya da takunkumi duk na sa hannu. Aski ne ban cika so ba ga irin su Alseshan da Kokeshiyan masu gashi hawa biyu. Na fi son a taje a cire mataccen gashin ƙasa, a rage na ciki, don in aka kwashe tas rana na dukan fatar kai tsaye, wani kuma gashin ba ya dawowa daidai. Amma a nan likitoci ma bakinsu bai zo ɗaya ba.

Mai Karnuka Jos: Ni dai wanda na aske na ga ya fi sakewa, hakinsa ya ragu, kuma a inuwa yake wuni. Zan auna biyu a wannan satin, askakke da wanda ban taɓa ba, in kawo muku lambobin.

Baban Yara: Muna jira Oga. Ni yanzu na kira mai walda zai zo ya mayar da turken zaure, na kuma sayi randa ta uku. Dakta, likitan ya ce in kawo masa abinci mara nauyi da yamma, farar shinkafa da dafaffen naman kaza ba mai ya yi, ko in tambaye shi tukuna?

Dakta: Ya yi, kaɗan-kaɗan, ba gishiri ba magi ba albasa. Amma ka nuna masa kafin ka ba shi, tunda shi ke riƙe da awon ƙodar, zai iya cewa a rage naman.